Akwatin cajin iyafis ya mutu: me zan rubuta wa mai kaya ya canza mini?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi iyafis mara waya ta intanet, yau sati bakwai ke nan da isowarsa. Kunnuwan biyu lafiyarsu ƙalau, amma akwatin da ke yi musu caji ya daina ɗauka, ko fitila ba ya kawowa. Kwana 30 da suka bayar na mayar da kaya sun wuce, sai dai an rubuta garantin shekara ɗaya. Ina so in rubuta wa mai kayan ya canza mini. Me zan ce masa don kada ya yi ta yawo da hankalina?

Wa alaikumus salam, Malam. Kana da haƙƙi, kuma wucewar kwanakin nan ba ta kashe maganarka ba. Wa'adin mayar da kaya da garanti abu biyu ne daban. Na farkon an yi shi ne don wanda ya canza ra'ayi, ya ga kayan bai yi masa ba. Na biyun alkawari ne cewa kayan zai yi aikinsa har tsawon lokacin da aka faɗa, in ya kasa ba da laifin mai saye ba, a gyara ko a canza. Kai a kan na biyun kake tsaye, don haka ko sau ɗaya kada ka yi maganar "mayar da kaya" a wasiƙarka. Da zarar ka ambace ta, amsar da ke ajiye za su turo maka, cewa lokaci ya ƙure, alhali ba abin da ka nema ba ke nan.

Na yi aiki a sashen da ke karɓar ƙorafin masu sayen ƙananan kayan lantarki, kuma abin da nake so ka fara sani shi ne halin wanda zai buɗe saƙonka. Yawanci ba mai shagon ba ne. Ma'aikaci ne da saƙonni suka yi masa yawa, a gabansa kuma akwai jerin tambayoyin da dole ya cike kafin a ba shi damar amincewa da canji. Wace oda ce? Garanti bai ƙare ba? Laifin na kayan ne, ko na kebul, ko na mai amfani da shi? An gwada abin da ake cewa a gwada? Akwai hujjar da za a nuna wa na sama? Duk tambayar da wasiƙarka ba ta amsa ba, saƙo ɗaya ne zai dawo maka, kowane saƙo kuma yana cin kwana biyu ko uku. Abin da mutane ke ɗauka yawo da hankali ne, sau da yawa giɓi ne da suka bari da kansu. Wasiƙar da ke samo canji ita ce wadda ta toshe waɗannan ƙofofin tun kafin a buɗe su.

Saboda haka rabin aikin kafin rubutu ake yin sa, da akwatin a hannunka.

A cikin akwatin nan akwai ɗan batirin litiyam, galibi tsakanin 300 zuwa 500 mAh, kunnuwan kuma kowane na da nasa ƙarami, wajen 30 zuwa 60 mAh. Wuta na shiga ta ramin caji a kan 5V ta cika batirin akwatin, shi kuma ya tura wa kunnuwan ta 'yan ƙusoshin nan masu ruwan zinare da ke ƙasan gurbinsu. Wato hanya biyu ce, ta shiga da ta fita, kuma "akwati ya daina aiki" na iya nufin kowacce. In akwatin na cika amma kunnuwan ba sa samu, matsalar a wajen ƙusoshin take. In shi kansa ba ya ɗauka, kamar naka, to a bakin rami take, ko a allon da ke ciki, ko batirin ne ya mutu. Wannan bambancin shi ne abu na farko da mai karanta wasiƙar ke nema.

Fara da kebul, domin shi za su fara ɗora wa laifi. Gwada da wani wanda ka tabbatar yana yi wa wayarka caji, da wani kan caja daban. Akwai abu ɗaya a nan da mutane da yawa ba su sani ba. Wasu akwatuna masu ramin USB-C ba sa ɗaukar caji da kebul ɗin da bakinsa biyu duk USB-C ne. Dalili kuwa, caja irin wannan ba ta sakin wuta sai ta ji wasu 'yan ƙananan abubuwa biyu masu ƙarfin 5.1 kΩ a cikin ramin na'urar, wasu masana'antu kuma ba sa saka su. Sai ka ga akwati lafiyayye ya yi shiru kamar matacce, amma da ka sa masa kebul mai babban baki na da, wato USB-A a gefe ɗaya, sai fitila ta kawo. In ka canza caja a kwanakin da matsalar ta fara, wannan za ka fara zargi. Haka kuma kada ka yi gwajin da fawa bank kaɗai, don wasunsu kan kashe kansu in abin da aka jona ba ya jan wuta sosai, akwatin iyafis kuwa kaɗan yake ja.

Sai ka haska ramin da fitilar waya ka leƙa. Akwatin da ke zama a aljihu yakan tara zaren tufa a can ƙasan ramin, kowane sawun kebul yana ƙara danne shi har ya zama dunƙule, bakin kebul ya kasa kaiwa ƙarshe. Alamarsa ita ce kebul ba ya zama daram, yana rawa ko yana faɗuwa da kansa. Da siririn tsinke na itace ko na roba ake ciro shi, a hankali, ba da allura ko fil ba, domin ƙarfe na iya haɗa wayoyin ciki ko ya karya harshen da ke tsakiya, daga nan kuma laifin ya koma kanka da gaske. Ƙusoshin ciki da ƙasan kunnuwan ka goge su da busasshiyar auduga. In ka ga kore-kore a jikinsu, gumi ne ya ci su.

Bayan haka ka jona shi ka ƙyale shi awa ɗaya cur, ko da babu fitila. Batirin litiyam in ya sauka ƙasa ƙwarai, akwai abin kariya a ciki da ke yanke shi, caji kuma sai ya fara da ɗan kaɗan kafin ya farfaɗo, a wannan lokacin wasu akwatunan ba sa nuna komai. In akwai maɓalli a jikinsa, duba ɗan littafin da ya zo a kwali ka ga yadda ake mayar da shi sabo, yawanci danne maɓallin ne na daƙiƙa 10 zuwa 15 da murfi a buɗe. Yi shi ko da ba ka sa ran zai yi amfani, domin za a tambaye ka.

Akwai wata alama da nake so ka lura da ita, don tana da nauyi a wasiƙa. A nau'o'i da yawa, kunnuwan na gane cewa sun shiga gida ne ta wutar da suke ji a ƙusoshin, sai su kashe kansu su saki wayar. In akwatin ya mutu ɗungurungum, za ka mayar da su ciki ka rufe murfi, amma wayarka ta ci gaba da nuna suna haɗe, kira ya shigo ka rasa inda sautin ya tafi. Duk wanda ya san kayan, da ya karanta wannan ya san akwatin ba ya fitar da wuta ko kaɗan, kuma ya san ba ƙirƙira ka yi ba.

Iyakar gwajin ke nan. Kada ka buɗe akwatin, kada ka kai wa mai gyara ya buɗe. An manne shi ne da gam, duk wanda ya ɓanɓare shi sai ya bar tabo a bakin haɗin, tabon nan kuma shi kaɗai ya isa a soke garanti. In kuwa ka ji yana zafi fiye da kima yayin caji, ko murfi ya daina rufuwa daidai kamar cikinsa ya kumbura, ko yana wani wari, cire shi nan take, ka ajiye shi nesa da abin da ke kama wuta, kada ka sake jona shi. Wannan sai ya zama layin farko na wasiƙar.

Yanzu hujja. Bidiyo ɗaya na daƙiƙa 30 zuwa 40, ba tare da yankewa ba, ya fi shafi guda na bayani. Ka ajiye waya da akwatin gefe da gefe a kan tebur mai haske. Sa kebul a waya, a ga alamar caji ta fito a fuskarta. Zare shi, wannan kebul ɗin dai, ka sa a akwatin, ka bar kyamara a kan wurin fitilar daƙiƙa goma. Buɗe murfi ka rufe, a ga babu abin da ya motsa. Sannan ka juya akwatin a hankali, gaba da baya da ƙasa, a ga ba fashewa ba lotsewa. Da wannan ka kashe zancen kebul, da na caja, da na faɗuwa, a lokaci guda. Ƙara hoton cikin akwatin yadda ƙusoshin suka fito fes, da hoton lambar kayan, wadda takan kasance a cikin murfi ko a ƙasan akwatin ko a jikin kwali. Sai hoton shafin odarka, da hoton wurin da aka rubuta garantin a tallar kayan. Wannan na ƙarshen ka ɗauke shi yau, domin mai kaya na iya gyara tallarsa ko ya sauke ta a kowane lokaci.

Kafin ka sa alƙalami, yanke shawarar abin da kake so, abu ɗaya tak. Wanda ya rubuta "a canza mini, ko a gyara, ko a dawo mini da kuɗina, ko dai yadda kuka gani" ya miƙa wa mai kaya zaɓi, shi kuma wanda ya fi masa sauƙi zai ɗauka. Ra'ayina shi ne ka nemi sabon saiti cikakke, akwati da kunnuwa, nau'i ɗaya. Dalilin ba kwaɗayi ba ne. Akwatin ba mazubi ba ne kawai, a nau'o'i da yawa yana magana da kunnuwan, kuma fitowa biyu na kaya ɗaya na iya kama da juna a ido amma gurbinsu ko ƙusoshinsu su sha bamban. Sannan kunnuwanka sun kwana biyu babu caji, batirinsu ƙarami ne, zama a ƙasa kuma yana rage masa ƙarko. In daga baya suka ce akwati kaɗai za su iya turowa, ana iya karɓa bisa sharaɗi, zan zo kansa. Amma kai kada ka fara ragi da bakinka.

Ga yadda zan rubuta ta in ni ne a matsayinka. Ranakun misali ne, sai ka sa naka.

Kan magana: Neman canji a ƙarƙashin garanti, oda mai lamba [lambar oda], akwatin caji ya daina aiki

Barkanku da aiki.

Na sayi iyafis mara waya, nau'in [suna da lambar nau'i], daga wurinku ranar 4 ga Maris, ya iso hannuna ranar 9 ga Maris. Lambar odata ita ce [lambar oda], lambar da ke jikin kayan kuma [lambar kaya]. A tallar kayan an rubuta garantin wata 12, ga hotonta na haɗo.

Daga ranar 22 ga Afrilu akwatin cajin ya daina ɗaukar caji. In na jona shi fitilarsa ba ta kawowa, ba ta kuma kawowa in na buɗe murfi. Kunnuwan biyu sun yi aiki daidai har cajinsu ya ƙare. In na sa su a ciki na rufe, suna ci gaba da zama haɗe da wayata. Tunda babu wata hanyar yi musu caji sai ta akwatin, yanzu ba na iya amfani da kayan gaba ɗaya.

Na gwada kebul ɗin da ya zo a kwali da wani daban, a kan caja biyu masu 5V, dukansu suna yi wa wayata caji. Na share ramin caji da ƙusoshin ciki. Na bar shi a jone awa ɗaya. Na bi matakan mayar da shi sabo yadda littafin ya nuna. Babu abin da ya canza. Akwatin bai faɗi ba, bai shiga ruwa ba, ba a buɗe shi ba, kamar yadda za ku gani a bidiyo da hotunan da na haɗo.

Ina neman ku canza mini da sabon saiti cikakke na wannan nau'in a ƙarƙashin garanti. In kuna buƙatar na hannuna, ku turo mini takardar aikawa da kuka riga kuka biya, da adireshin da zan tura. Kwali da duk abin da ya zo ciki suna nan.

Ina roƙon ku ba ni amsa a rubuce zuwa ranar 4 ga Mayu, tare da ranar da za a aiko da sabon. In nau'in ya ƙare a wurinku, ku sanar da ni a cikin amsar don mu yi maganar mayar da kuɗi.

Na gode.
[suna, kamar yadda yake a oda]

Ka ga gajeriya ce, kuma da gangan. Bari in nuna maka inda nauyinta yake.

Kan maganar na ɗauke da kalmar garanti da lambar oda, don mai rarraba saƙonni ya tura ta layin da ya dace ba tare da ya buɗe ba. Ranar da kayan ya iso ta fi ranar biya muhimmanci, domin a wurare da yawa daga ita ake fara lissafi. Ranar da ya lalace kuma ita ke nuna ba ka yi sakaci ka zauna a kansa wata da watanni ba.

Jimlar da ta fi kowacce aiki ita ce wadda ta ce ba ka iya amfani da kayan gaba ɗaya. Ga abin da ya sa. Wasu masu kaya na lissafa akwatin cikin 'yan rakiya, kamar kebul da robobin kunne, garantin 'yan rakiya kuwa yakan fi gajarta, wani lokacin ma babu. In ka rubuta "kunnuwan lafiyarsu ƙalau, akwatin ne kawai", ka ba su wannan hanyar da hannunka. Gaskiyar magana kuwa ita ce iyafis ɗin da ba a iya yi masa caji ya tashi daga aiki, abin da ka biya kuɗi dominsa ba ya samuwa. Faɗi lafiyar kunnuwan, don gaskiya ce kuma tana nuna inda laifin yake, amma ka biyo ta da wannan jimlar nan take.

Zancen ruwa ma a lura da shi. In ka ga IPX4 a jikin kwali, ma'anarsa kayan na jure fantsamar ruwa da gumi, amma a nau'o'i da yawa kunnuwan kaɗai ake nufi, ban da akwatin. Shi ya sa tambayar "ya taɓa jiƙewa?" ba ta wucewa. In bai jiƙe ba, faɗa kai tsaye. In kuwa ka san ya taɓa faɗuwa ko ya sha ruwan sama a aljihu, kada ka rubuta cewa bai yi ba. Ban da cewa ƙarya ce, za a duba kayan in ya isa, tsatsa da tabon ruwa kuma ba sa ɓuya. A irin wannan halin sai ka faɗi abin da ya faru, ka tambaya ko suna sayar da akwati shi kaɗai. Kamfanoni da dama na yin haka, kuma ya fi sayen sabon saiti sauƙi.

Ka kuma lura ban ce "batirin ne ya mutu" ba, ko da yake ina zargin hakan. Abin da ido ya gani ake rubutawa, ba abin da ake tsammani ba. Yawancin takardun garanti sun cire raguwar ƙarfin batir saboda tsufa, to da ka ambaci batir, wani ma'aikacin sai ya jefa ka cikin wannan rukunin, alhali batirin da ya mutu cikin sati bakwai ba tsufa ya yi ba. "Fitila ba ta kawowa, ba ya yi wa kunnuwa caji" magana ce da ba mai iya musa ta, ga ta a bidiyo.

Babu zagi a ciki, babu barazanar ɓata musu suna, babu labarin yadda ranka ya ɓaci, duk da na san ya ɓaci. Wanda zai karanta ba shi ya ƙera akwatin ba, kuma yana da ɗan ikon da zai iya amfani da shi a kanka ko dominka. Bayan haka, wasiƙar nan wataƙila wani na uku zai karanta ta, wato kasuwar da ka yi sayayya a cikinta ko bankinka, in magana ta kai can. Rubuta ta yadda baƙon da bai san komai ba zai karanta ya ce wannan mutumin ya yi duk abin da ya kamata. In mai kayan ba ya jin Hausa, ka mayar da ita harshen da kuka yi ciniki da shi a kan wannan tsarin, jimloli gajeru, ranaku da lambobi yadda suke.

Ta ina za ka aika? In a wata babbar kasuwar intanet ka saya, wadda 'yan kasuwa daban-daban ke baje kolinsu a ciki, aika ta akwatin saƙon da ke shafin odar. Kasuwar ba ta ganin abin da aka yi a wajenta, kuma ba ta yin hukunci da shi. In mai kaya ya ce ku koma waya ko wata manhajar hira "don a fi sauri", ka ce masa a nan ka fi so. In ya kira ka kuka yi magana, ka koma shafin ka rubuta: "Kamar yadda muka yi a waya yau, kun amince za ku aiko da sabo ranar kaza." In kuma shafinsa ne na kansa, imel ya isa, ka ajiye kwafi.

Amsoshin da za su iya zuwa ba su da yawa, kuma gara ka san su tun yanzu.

Wanda aka fi samu shi ne "tuntuɓi kamfanin da ya ƙera". Wani lokacin gaskiya ce, garantin na kamfanin ne, mai sayarwa dillali ne kawai, don haka ka sake karanta wanda ya yi alkawarin a tallar. In an rubuta garantin mai sayarwa, ka nuna masa hoton ka tsaya a kai. Doka ma a wurare da yawa kan mai sayarwa take ɗora nauyin. A Tarayyar Turai mai sayarwa ne ke da alhakin kayan da ya lalace na tsawon aƙalla shekara 2, a Birtaniya kuma dokar haƙƙin masu saye ta 2015 ta ce laifin da ya bayyana cikin wata 6 na farko ana ɗaukarsa tun asali yake, sai in mai kaya ya tabbatar da akasin haka. Kowace ƙasa da tata, sai ka duba ta inda kake da ta inda mai kayan yake. Ba laifi ka rubuta wa kamfanin ma a lokaci guda, da wasiƙar nan dai, ka haɗa da shaidar saye, amma kada ka saki mai sayarwa saboda haka.

Na biyu shi ne tayin akwati kaɗai. Ana iya karɓa in sun amsa abu uku a rubuce: cewa na wannan nau'in ne da wannan fitowar, cewa za su turo matakan haɗa shi da tsofaffin kunnuwan, da cewa in kunnuwan suka ƙi ɗaukar caji bayan ya iso, za a canza saitin duka. Tambayi kuma yadda garantin zai kasance. Galibi ragowar na farkon ne ke ci gaba, ba sabo ake farawa ba, kuma ya kamata ka san ranar ƙarewarsa.

Na uku shi ne su ce za su mayar maka da ɗan wani abu daga cikin kuɗin ka riƙe kayan, ko su ba ka rangwame a sayayya ta gaba. Wannan ban ba ka shawarar karɓa ba, sai in abin da za su bayar ya isa sayen akwati na asali kuma ka tabbatar ana samunsa. Karɓarsa yawanci rufe ƙorafin ne, kuma a kasuwanni da yawa ƙorafin da aka rufe ba ya sake buɗuwa. Haka nan in aka ce "rufe ƙorafin tukuna sai mu aiko", kada ka yarda. Sabon ya iso, ka yi masa caji, ka ga kunnuwan sun cika sun sauka sun sake cika, sannan ka rufe.

In ranar da ka sa ta wuce shiru, tura saƙo na biyu mai layi uku: ranar wasiƙar farko, cewa ba ka sami amsa ba, da cewa nan da kwana uku za ka miƙa maganar ga kasuwar ko ga inda ka biya kuɗin. Sai kuma ka cika. Amma tun yau ka duba wa'adin shigar da ƙara na kasuwar da na katin bankinka, domin kowanne na da iyakar kwanaki, akwai kuma masu kayan da ke jan mutum da "muna dubawa" har wa'adin ya shige. Ranar da ka ba su ta kasance da tazara mai kyau kafin wannan iyakar.

In sun amince suka ce ka turo tsohon, cire shi daga jerin na'urorin wayarka da kuma manhajar kamfanin in kana da ita, don wasu nau'o'in na maƙale da asusun mai su. Ɗauki hoton komai a cikin kwali kafin ka rufe, lambar kayan tana fitowa, ka rubuta lambar odar a takarda ka jefa ciki. Aika ta hanyar da ke ba da lambar bibiya, ka riƙe rasit har sabon ya zo. Gaya wa masu aikawa cewa akwai batirin litiyam a ciki, don yana da ƙa'idarsa. Wanda ya kumbura ko yake zafi kuwa ba a sa shi a wasiƙa ko jirgi, masu aikawa ba sa karɓa. A wannan halin ka tura wa mai kayan hoton kumburin, ka nemi ya aiko da sabon ba tare da an dawo da tsohon ba, shi kuma tsohon ka kai shi inda ake karɓar matattun batura.